Wasiƙa zuwa ga Hajiya Rabi

Yamai, 14 ga Maris

Assalamu alaikum Hajiya. Ina lahiya, ya ƙarfin jiki? Na rubuto ne don abin da muka tattauna ranar Talata ya kasance a hannunki, don mutum ba ya riƙe komai a rana irin wannan.

Ɗan naman da aka tsakura daga ƙullutun nononki na hagu ya nuna sankarar mama ce. Na ga yadda kika damƙe hannun ɗiyarki Hadiza da kika ji sunan. Kin tambaye ni ko wani ya yi miki hannu, ko kuwa Hadiza za ta iya ɗauka. A'a, Hajiya. Ba jifa ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta kwano ko tufafi. Ciwo ne da ake yi wa magani, amma jinkiri yana ba shi dama.

Ranar Litinin da ƙarfe 8 na safe ki zo a ɗibi jini, a yi hoton ƙirji da na ciki, mu ga ko ta tsaya wuri ɗaya. Da sakamakon za mu zauna da sauran likitoci mu tsara wanda zai fara, aiki ko maganin da ake sawa ta jijiya. Shi maganin yakan sa tashin zuciya da zubar gashi, amma gashin yana dawowa.

Ina roƙonki kada a tsaga wurin ko a shafa masa komai. Duk maganin da kike sha, har na gargajiya, ki zo mini da shi. In zazzaɓi ya taso ko wurin ya fara jini, kada ki jira Litinin.

Ki taho da Hadiza. Allah ya ba ki lahiya.

Likitarki,
Dakta Mariyama