Sanarwa ga Mahalarta Bikin Hauwa'u da Abdullahi: Lokuta, Motoci, Sutura da Waɗanda Za a Tuntuɓa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, abokan arziki na Kano da Katsina da Maraɗi, muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya. A madadin gidan amarya da gidan ango, ga tsarin da aka tsayar a zaman da iyaye suka yi ranar Lahadi game da bikin 'yarmu Hauwa'u da angonta Abdullahi, wanda za a yi daga Alhamis 29 ga Janairu zuwa Lahadi 1 ga Fabrairu, 2026, in Allah Ya kai mu. Muna roƙon a daure a karanta har ƙarshe, domin akwai wuraren da lokacin ya sha bamban da abin da aka buga a katin gayyata, kuma wanda ke cikin wannan sanarwar shi za a yi aiki da shi.

Ranar Alhamis za a yi sa lalle da kamu a gidan amarya da ke Gwammaja, kuma taron na mata ne zalla. Masu ƙunshi za su fara aiki tun ƙarfe 9:00 na safe, kamu kuma zai fara da zarar an idar da sallar La'asar, a tashi kafin Magariba. Ranar Juma'a da ƙarfe 4:30 na yamma akwai walimar mata a farfajiyar makarantar Islamiyya ta layinmu, inda malama za ta yi nasiha ga amarya, a yi addu'a, a ci abinci. Waɗannan kwanaki biyu ba su buƙatar wani shiri na mota, tunda yawancin masu zuwa a cikin gari suke.

Inda muke so a fi mayar da hankali shi ne ranar Asabar. A kati an rubuta cewa za a ɗaura aure da ƙarfe 10:00 na safe, to amma lokacin da ake buga katin ba mu lura ba cewa 31 ga wata ita ce Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli a Kano, wadda ake taƙaita zirga-zirgar ababen hawa daga ƙarfe 7:00 zuwa 10:00 na safe. Wannan kuskurenmu ne, muna kuma neman afuwa. Saboda haka an mayar da ɗaurin aure ƙarfe 12:00 na rana daidai, a masallacin unguwa da ke bakin layin gidan. Liman yana da wani ɗaurin auren bayan namu, kasancewar Sha'aban ne kowa yana ƙoƙarin gama hidimarsa kafin azumi, don haka ba zai yiwu a ce a jira wani ba, komai kusancinsa da ango ko amarya. Waliyyin amarya da wakilin ango da shaidu za su kasance a masallaci tun 11:30. Bayan an shafa fatiha maza za su wuce rumfar da aka kafa a ƙofar gida don cin abinci, a yi sallar Azahar tare, sannan a sallami baƙi.

Tawagar ango daga Katsina za ta taso da bas biyu masu cin mutum 18 kowacce, da ƙananan motoci uku na dattawa. Mahaɗa ita ce ƙofar gidan mahaifin ango a Ƙofar Ƙaura, a hallara bayan sallar Asuba, a tashi ƙarfe 6:30. Tafiyar kimanin kilomita 170 ce, ta Charanci da Kankiya da Tsanyawa, kuma da yake lokacin hazo ne an ja kunnen direbobi da su tafi a hankali. An shirya a yada zango a Bichi, a gidan wani ɗan'uwan ango, a karya kumallo a huta, sannan a kama hanya ƙarfe 9:30, yadda za a iso Dawanau daidai lokacin da aka buɗe hanya. Daga nan sai a yi haƙuri da cunkoson Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna, domin duk wanda dokar ta tsare a gida tun safe a wannan lokacin yake fitowa. Shi ya sa muka bar tazarar awa biyu, ba mu ce 11:00 ba. Masu zuwa da motocinsu su nufi Asibitin Ƙashi na Dala, inda samari biyu sanye da rigar anko za su tsaya daga ƙarfe 10:15 suna nuna hanya. Layin gidan ƙarami ne, mota biyu ba ta giftawa, don haka za a ajiye motoci a filin makaranta, kuma akwai masu gadi. Kada a bar mota a gefen babban titi, domin idan jami'an KAROTA suka ɗauke ta, ranar biki ba za a sami mai zuwa karɓowa ba.

'Yan'uwanmu na Maraɗi za su shigo ta Jibiya ranar Juma'a da rana, su kwana a Katsina, su biyo tawagar ango da safe. An ware musu kujeru 8 a bas ta biyu. Muna tunatar da su kowa ya riƙo katin shaidarsa, ya kuma canza ɗan abin da zai kashe daga sefa zuwa naira tun kafin ya iso.

Yinin biki zai gudana a wannan Asabar ɗin daga ƙarfe 4:00 na yamma zuwa 6:15 a farfajiyar makarantar. Iyaye sun yanke shawarar ba za a yi wani taron dare ba, kuma ba za a gayyato makaɗa ba bayan masu kiɗan ƙwarya da gwaggonnin amarya suka nema. Mata masu komawa unguwanni masu nisa su yi ƙoƙarin fita da wuri, domin adaidaita sahu yana wuyar samu idan dare ya yi, babur ɗin haya kuwa an hana shi a Kano tun 2013. Bas ɗin farko ta Katsina za ta juya da maza ƙarfe 2:30 na rana. Ta biyu za ta kwana, domin ita za ta ɗauki dangin ango mata washegari.

Kai amarya ranar Lahadi ne, kuma da safe. Mun san wasu daga cikin iyayenmu mata sun so a kai ta daren Asabar kamar yadda aka saba, an kuma saurari hujjarsu da girmamawa, amma waɗanda suka je rakiyar yayarta shekara biyu da suka wuce ba su manta yadda taya ta fashe mana bayan Tsanyawa da wajen tara na dare ba, muka tsaya a gefen hanya ana haska direba da fitilar waya, Inna tana rungume da jariri cikin sanyi. Ba ma son a maimaita wannan. Za a yi wa amarya faɗa da sallama da iyaye ƙarfe 8:30, motoci su tashi ƙarfe 9:30. Gidan amarya ya tanadi bas ɗaya da ƙananan motoci huɗu, wanda ke nufin mutum 30 ne kawai za su raka ta, ban da direbobi. Sunayen suna hannun Gwaggo Rabi, kuma wadda ba ta ji sunanta ba ta yi haƙuri, ƙarancin wurin zama ne ya jawo. Don Allah kada a zo da yara ƙanana rakiya, sai na goye. An riga an yi jere tun makon jiya, gara kuma za ta tafi a motar kaya ranar Juma'a, saboda haka ba a buƙatar kowa ya ɗauko kwano ko bokiti a cinyarsa. Ana sa ran isa Katsina kafin Azahar, a yi buɗar kai, a ci abinci, a juyo ƙarfe 3:00 don a shigo Kano da sauran rana. Mutum huɗu ne za su kwana tare da amarya, an kuma riga an sanar da su.

Game da sutura, ankon mata atamfa ce mai ruwan ƙasa da zanen ganye, wadda aka saro a Kantin Kwari, turmi ɗaya naira 14,000, kuma ranar yini za a sa ta tare da mayafi ruwan madara. Ƙawayen amarya za su sa leshi ruwan hoda ranar kamu. Ranar walima kowa ta sa abin da ya sawwaƙa, da hijabi ko babban mayafi, kasancewar wa'azi za a yi. Maza kuwa farar shadda ko farin yadi ne ranar ɗaurin aure, abokan ango kuma su ƙara da hula mai ruwan toka. Hajiya ta ce a faɗa da babbar murya cewa anko ba dole ba ne, ba kuma za a tsaya a ƙofa ana duba wanda ya sa da wanda bai sa ba, domin zuwanku ake so. Wadda take so ta karɓa kafin Laraba 21 ga wata, saboda a wannan lokacin teloli sun cika da ɗinkin biki, kuma ba kowanne ne ke cika alƙawari ba. A kuma zo wa yara da tsofaffi da rigar sanyi, musamman masu tafiyar Asuba.

Domin kada kira ya yi wa iyayen amarya yawa, an raba aikin. Duk abin da ya shafi mota daga ɓangaren Kano, har da wurin ajiye ta, a nemi Kawu Bala. A Katsina a nemi Yaya Sanusi, wan ango, wanda shi ne kuma zai tarbi mutanen Maraɗi. Anko da kuɗinsa suna hannun Anti Bilkisu, kuma ita kaɗai ce ke karɓar kuɗi, don haka duk wanda ya ga saƙo da wata lambar asusu daban ya kira ta kafin ya tura ko sisi. Masauki da abincin baƙi masu kwana na wajen Gwaggo Rabi ne, wadda ta ware gida ɗaya na mata, ɗaya na maza, duk a cikin layin. Mai ciwon suga ko hawan jini da ke buƙatar abinci na daban ya gaya mata tun yanzu, ba sai an ɗora tukunya ba. Lambobin wayarsu huɗun suna bayan katin gayyata, kuma an roƙi a kira su tsakanin 8:00 na safe da 9:00 na dare.

Abu na ƙarshe da muke nema shi ne kowane gida ya sanar da yawan mutanen da za su zo, da waɗanda za su kwana, da masu buƙatar wurin zama a mota, kafin daren Lahadi 25 ga Janairu, domin ranar Litinin za a biya direbobi kafin alƙalami, a kuma yi cefane.

Allah Ya kawo kowa lafiya, Ya mayar da shi gida lafiya, Ya sanya albarka a wannan aure. Amin.

Musa, yayan amarya,
a madadin iyalan gidajen biyu.