Zuwa ga Mamman Sani, bayan na saurari saƙonka

Tawa, daren Alhamis, 12 ga Satumba 2024

Assalamu alaikum, Mamman Sani.

Saƙon murya da ka turo ya same ni ina rufe shago. Na kira ka bayan isha'i ba ka ɗauka ba, kuma ban ga laifinka ba. Shi ya sa na zauna in rubuta, ka karanta lokacin da ka ga dama. Ba dole sai ka amsa yau ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi abin ya dake ni. Shekara goma sha ɗaya kana riƙe da makullan mangazar nan, ko buhu ɗaya bai taɓa ɓata a hannunka ba, sannan a kira ka biro da hantsi a miƙa maka takarda. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan ce maka ba komai ba. Akwai komai. Akwai haya a Bukoki, akwai 'ya'ya huɗu da za su koma lakwal watan gobe, akwai Inna a nan da ke jiran abin da kake aiko mata ƙarshen wata. Duk wanda ya ce maka ka kwantar da hankalinka kawai, ba shi ne mai gidan haya zai yi wa sallama ba.

Akwai wurin da muryarka ta karye, inda ka ce da ka tashi da asuba yau sai ka iske kanka ka goge takalmi ka ɗauki makullin mashin, sai a bakin ƙofa ka tuna ba inda za ka. Nan na tsai da saƙon na yi shiru. Na san rashin albashi ciwo ne, amma na san ka tun muna 'yan lakwal, kai mutum ne da ba ya iya zama hannu rabbana. Safiya za ta riƙa yi maka nauyi kwanakin nan. In ta yi, kira ni. Ina shago tun ƙarfe bakwai, kuma in ba ciniki nake ba, ba abin da nake yi sai korar ƙuda da sauraren rediyo.

Ka yi ta maimaita cewa wataƙila da ka yi kaza, da ba kai aka cire ba. A nan kam ban yarda da kai ba. Ba ina lallashinka ba ne, lissafi nake. Kamfaninku kayan Kotonu yake fitarwa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 gadar Gaya da Malanbil take rufe ga manyan motoci. CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun bana, Benin ta buɗe nata ɓangaren, namu yana nan a rufe. Abin da ke shigowa yanzu ta Lome yake biyowa, ya ratso Burkina, a jira ayari da rakiyar sojoji kafin a iso Tera. Kai da bakinka ka gaya mini da azumi cewa sai ku yi sati biyu ba kamyo ko ɗaya da ya shigo filinku, har kuna shan shayi a inda a da ko wurin aje ƙafa babu. Mangazar da ba kaya ba ta riƙe mai mangaza. Ku bakwai aka sallama rana guda, ai ba ku bakwai ɗin ne kuka yi laifi tare ba. Na san sanin haka ba ya biyan haya. Amma kada ka ɗora wa kanka kayan da ba naka ba, wanda kake ɗauke da shi ya isa.

Yanzu maganar takarda, don ita ce ba ta jira. Ka ce sun ce ka dawo Litinin ka sa hannu ka karɓi abin da ya rage. Don Allah kada ka sa hannu a kan komai kana tsaye a gaban tebur, zuciya na tafasa, kana so kawai ka fita kada a ga idonka. Na san halinka, kunya za ta sa ka ce na gode ka juya. Ka ce a ba ka lissafin a rubuce ka je da shi gida. Dokar aiki ta 2012 ba ta bar wanda aka sallama saboda kasuwa ta faɗi ya tafi hannu wofi ba. Akwai kuɗin wa'adi in ba a ba ka wa'adin ba, akwai kuɗin sallama da ake lissafawa bisa shekarun da ka yi, akwai kuɗin hutun da ba ka ci ba, sannan ga albashin wata guda na musamman a kai. Kuma sai sun ba ka takardar shaidar aiki mai ɗauke da ranar da ka fara, da ranar da ka bari, da irin aikin da ka riƙe. Wannan takardar kada ka bar ta a baya, ko da kuɗin sun yi jinkiri. Ka kai lissafin wurin sufeton aiki ya duba kafin ka sa hannu. Aikinsa ke nan, ba kuɗi ake biya ba, kuma zuwa wurinsa ba kai ƙara ba ne balle ka ce ka ci amanar uban gidanka. In ku bakwai ɗin kuka je tare ya fi, an fi jin magana.

Ka kuma leƙa CNSS da lambarka, ka ce a nuna maka watannin da aka zuba maka. Abin da ake cirewa a albashi daban, abin da ya isa can daban, balle kamfanin da ya shekara yana tangal-tangal. Kada ka sa rai za su ba ka wani abu yanzu, a ƙasar nan ba a biyan kuɗin rashin aiki. Amma shekarun da aka zuba maka suna nan a rubuce har lokacin fansho, in dai an zuba ɗin. ANPE ma ka je ka rubuta suna. Ba na ce maka aiki zai fito daga nan gobe ba, katin dai ya kasance a aljihunka.

Sai abin da ya fi damuna a cikin saƙon naka. Ka ce ba ka gaya wa Hajara ba, kuma kana tunanin ka riƙa fita da safe kamar kullum har ka samu wani abu. Mamman Sani, kada ka yi haka. Ina za ka wuni? A fada? A gindin gada? Yamai ba ta kai girman da kake zato ba, matar ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan za ta haɗu da ita a kasuwar Wadata ta yi mata jaje, ka ga an haɗa mata baƙin ciki biyu. Kuma ita ke auna shinkafa, ita ta san kwana nawa buhu ke yi. In ta sani yau, daga gobe za ta fara ja da hannu yadda yara ma ba za su lura ba. In ta sani bayan wata biyu, an riga an cinye abin da za a ja. Matar da ta sayar da 'yan kunnenta lokacin da Abdul ya kwanta asibiti ba za ta raina ka don an rufe mangaza ba. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi faɗa ma. Ka bar ta ta yi.

Inna kuwa, na ji roƙonka, ba za ta ji daga bakina ba. Ɗazu da la'asar na bi ta ƙofar gidan na same ta tana tsince wake a faranti, ta ce in na yi waya da kai in ce maganin ƙafarta ya kusa ƙarewa. Lokacin ban ji saƙonka ba tukuna. Maganin ka bar mini shi, gobe zan saya in kai mata. Amma ka sani ba zan iya rantse mata a kan ƙarya ba in ta dube ni ta tambaye ni kai tsaye, kuma ka san ta da tambaya. Ka zaɓi ranar da za ka gaya mata da kanka, kafin ƙarshen wata ya gaya mata.

Ga abin da zan iya. Gobe kafin Juma'a zan tura maka jika hamsin ta Nita. Ba bashi ba ne, kada ka rubuta shi a littafin nan naka. In ka maido mini da su za mu ɓata. Ba su da yawa, na sani, ni ma kayan gyaran mashin ba sa tafiya kamar da, kuma ba zan yi maka alkawarin kowane wata ba don kada in sa ka dogara da abin da ba ni da tabbas a kai. Ka sa su a kuɗin lakwal na Nana, kada ta rasa shekara tana ajin jarrabawa.

Aiki kuma ba ni da shi a hannu. Akwai wani Alhaji da ke lodin albasa daga Galmi zuwa Abijan da Akara, yakan yi kukan ba shi da mai riƙe masa lissafi na amana. Zan yi masa maganarka in ka yarda, amma kakar albasa sai bayan sanyi, kuma abin da zai ba ka ba zai kai rabin albashinka ba. Ban sani ba ko zai ce e. Na faɗa maka ne don ka san akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ba don ka kwana da murna ba.

Wani abu kuma. Ka san mu Adarawa, da abu ya tsuke sai a ce a ɗau jaka, wannan ya nufi Abijan, wancan ya bi ta Agadas zuwa Libiya. Za a zo maka da wannan maganar cikin satin nan, har da lambar direba. Ba na ce kada ka taɓa tunaninta ba, rabin gidajen unguwarmu da kuɗin bida aka gina su. Amma kada ka yanke ta yanzu, kuma kada ka sayar da mashin ɗinka don ita. Mashin ɗin nan ko kabu-kabu ka ba wani yaro ya yi da shi, zai kawo kuɗin cefane. Ka bari a biya ka haƙƙinka tukuna, ka ga abin da ke hannunka.

Masu ce maka haka Allah ya ƙaddara, gaskiya suka faɗa, ni ma na yi imani da haka, kuma ina roƙon Allah ya musanya maka da mafi alheri, ya rufa maka asiri. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana mutum jin zafi ba, ba ta kuma hana shi neman haƙƙinsa ba. In kana son ka yi fushi, ka yi a kunnena, ba zan yi maka wa'azi ba.

Ran Asabar zan shigo motar safe, in Allah ya yarda. In hanyar Kwanni da Dogon Dutse ba ta ba mu wahala ba da ruwan nan na bana, zan iso kafin magariba. Kada ka zo tasha, na san gida. Kada kuma Hajara ta dafa wani abu na baƙo, tuwon da kuke ci shi zan ci. Zan kwana har Litinin mu je wurin sufeton tare, don in na bar ka kai kaɗai na san abin da za ka yi. Ka haɗa takardun albashinka duka da kwantiragin farko, in kana da shi, ka sa a leda ɗaya.

Ka gai da Hajara da yara.

Naka,
Isuhu