Ban haƙuri kan odar atamfa da ta maƙale

Assalamu alaikum Hajiya, barka da safiya. Ina fata an tashi lafiya da iyali.

Ni ce mai kula da oda a shagonmu na babbar kasuwar Garwa. Na rubuto ne in ba ki haƙuri kan turmi takwas na atamfa da kika yi oda ranar Talatar da ta wuce, na ankon bikin 'yarki. Jiya Litinin da yamma muka gano odar tana nan tsaye a kan "En attente", ba a ɗaure kayan ba, balle a kai tasha.

Kuɗinki, sefa 64,000, sun shigo tun ranar Talatar. Abin da ya faru shi ne da lambar ɗanki aka biya, ita kuma odar da lambarki aka yi ta, sai na'urarmu ta kasa haɗa su. Irin wannan da hannu muke duba shi kowace yamma. Yaron da ke wannan aikin ya tafi Gider gaisuwar rasuwa, ni kuma ban sa kowa a madadinsa ba. Laifin namu ne, Hajiya, ba naki ba ne, ba na ɗanki ba. Abin da ya fi damuna shi ne kin turo saƙo ranar Juma'a aka ce miki "ana kan shiri" ba tare da an buɗe odar an duba ba. Da an duba, da tun Asabar kayan suna hannun tela.

Yau da sassafe na ɗaure su da kaina. Duka takwas ɗin daga dila ɗaya na ciro, don kada launi ya saɓa a ranar biki. Sun bi motar ƙarfe bakwai zuwa Marwa, in Allah ya yarda za su iso kafin la'asar, kuma mai babur zai kai miki har gida a Domayo. Kada ki ba shi ko dala, mun biya. Sefa 2,500 na kuɗin aike ma mun mayar a lambar da aka biya da ita, a duba.

Na san ɗinkin anko ba ya son ƙurewar lokaci. In tela ya ce sai an ƙara masa kuɗin gaggawa, ki faɗa mini nawa ne, mu za mu ɗauka. In kuma kin riga kin sayi wata atamfar a can, ki dawo da wannan ta hannun mai babur ɗin, a mayar miki da kuɗinki cif yau ɗin nan.

Don Allah ki yafe mana. Da la'asar zan kira in ji ko kayan sun iso. Allah ya sanya alheri a bikin, ya ba su zaman lafiya.

Taki,
Mai kula da oda