Yadda za ka ɗauko saitin maus ɗinka daga CS2 zuwa Valorant ba tare da hannunka ya rikice ba

Wannan bayani na rubuta shi ne don samarin da muke wasa tare a ɗakinmu na Zengo, musamman waɗanda suka saba da CS2 yanzu kuma suke shiga Valorant. Tambayar da nake ji kullum ita ce: "Yaya, wace lamba zan sa?" Wasu ma ba sa tambaya. Su kwafi lambar sensi, wato saurin juyin maus a wasa, da suke da ita a CS2 su zuba ta a Valorant, da an taɓa maus sai bindiga ta yi sama ta yi ƙasa, su ce wasan ne ba shi da kyau. Wasan lafiyarsa lau. Lambar sensi kamar kuɗi take: jaka ɗaya ta sefa da naira dubu ɗaya duk 1000 aka rubuta a kansu, amma sai ka je wurin ɗan canji kafin ka san darajar kowacce. Abin da hannunka ya haddace shi ne santimita nawa yake jan maus a kan tebur kafin ɗan wasanka ya juya. Wannan tsawon za mu ɗauko.

Mu fara da DPI. A ƙarƙashin maus akwai ɗan ido mai ɗaukar hoton abin da yake bi a kai, yana ƙirga motsi. DPI shi ne yawan ƙirgen da yake aika wa kwamfuta idan ka ja shi inci ɗaya, wato santimita 2.54. Maus mai DPI 800 zai aika ƙirge 800 a wannan tsawon, mai 1600 ya aika ninki biyu. Shi ke nan aikinsa. Wasan ne ke karɓar kowane ƙirge ya mayar da shi juyi, kuma kowane wasa da nasa ma'aunin. A CS2 na kamfanin Valve, wanda ya fito a 2023, ƙirge ɗaya yana juya ka digiri 0.022 idan sensi yana kan 1. Lambar tana nan da sunan `m_yaw`. A Valorant na Riot Games, wanda ya fito a 2020, ƙirge ɗaya digiri 0.07 ne. Ka ga ya ninka na CS2 sau uku da ɗoriya. Apex Legends yana kan 0.022 kamar CS2, Overwatch kuma 0.0066. Zan riƙa kiran wannan lamba lambar juyi, a cikin lissafi kuma yaw.

Lissafin canjin ga shi, A wasan da ka baro, B wanda za ka shiga:

```
sensi_B = sensi_A × yaw_A ÷ yaw_B
```

Mu ɗauki saitin da ke kan kwamfuta ta uku, ta kusa da taga: DPI 800, sensi 1.25 a CS2. Ka ninka 1.25 da 0.022, ya ba ka 0.0275. Ka raba da 0.07, ya ba ka 0.3928, wato 0.393. Ita za ka rubuta a Valorant, a wurin `Sensitivity: Aim`. Wanda ba ya son dogon lissafi ya raba sensi ɗinsa na CS2 da 3.18, idan kuma komawa zai yi daga Valorant ya ninka da 3.18. Ga mai zuwa Overwatch, 0.0275 a raba da 0.0066 ya zama 4.17. Apex kuwa 1.25 ɗin nan za ka sa yadda take. Ka lura babu DPI a cikin wannan lissafin. Muddin maus ɗaya kake riƙe da shi a wasannin biyu kuma ba ka taɓa maɓallin DPI ba, ko ba ka san DPI ɗinsa ba lissafin zai fita daidai. Ka rubuta lambar da ɗigo, 0.393, ko da kwamfutarka ta Faransanci ce ka saba da waƙafi.

Amma ni abin da nake so kowa ya riƙe a kansa shi ne santimita nawa ke kai shi juyi cikakke na digiri 360, don da ita za ka shiga kowane wasa, da kowane maus.

```
cm/360 = 914.4 ÷ (DPI × sensi × yaw)
```

Wannan 914.4 ba daga sama ta faɗo ba, 360 ce aka ninka da 2.54. A misalinmu, 800 sau 1.25 sau 0.022 ya ba da 22, sai 914.4 a raba da 22 ya zama santimita 41.6. A Valorant da 0.393, 800 sau 0.393 sau 0.07 shi ma 22 ne da ɗan abin da bai kai a kula ba. To dubi wanda ya kwafi 1.25 kai tsaye zuwa Valorant: 800 sau 1.25 sau 0.07 ya zama 70, juyinsa cikakke ya koma santimita 13. Hannun da ya saba da 41 aka ba shi 13, ina zai iya tsayar da saiti a kan kai?

Kada ka yarda da takarda kaɗai, ka auna. Samo rula ko tef ɗin awo irin na tela ka shimfiɗa a gefen tabarmar maus. Shiga filin gwaji na Valorant, ka ɗora alamar saiti a kan gefen wata ƙofa ko ginshiƙi, wurin da layi ya miƙe. Manna ɗan salatif a daidai gefen hagu na maus, sannan ka ja shi dama a hankali, kada ka ɗaga, har alamar ta zagayo ta dawo kan layin nan. Manna wani salatif ɗin, ka auna tsakaninsu. Ka yi haka a CS2 ma. Tabarminmu da yawa ba su kai santimita 42 ba, don haka ga dabara: ninka sensi sau biyu a duka wasannin don gwajin kawai, 2.5 a CS2, 0.786 a Valorant, juyin zai dawo santimita 20.8. A CS2 kana iya rubuta shi a konsol:

```
sensitivity 2.5
```

Idan awo biyun sun zo ɗaya, ko da bambancin milimita biyu ko uku na rawar hannu, ka mayar da lambobinka na asali. Idan suka bambanta da yawa, duba manhajar maus ɗin, don wasu suna da saiti daban ga kowane wasa, suna canza DPI da kansu da zarar wasan ya buɗe. Sau da yawa ma yatsa ne ya danna ƙaramin maɓallin da ke bayan taya.

Idan maus ɗin ne ya canza, a nan DPI ke shigowa. A ce na gida yana kan 1600, na ɗakin wasa 800. Ninki biyu na ƙirge yana buƙatar rabin sensi: 0.625 a CS2, 0.196 a Valorant. Abin da ake kira eDPI, wato DPI sau sensi, shi ke taimakawa a nan: 800 sau 1.25 da 1600 sau 0.625 duk 1000 ne. Sai dai eDPI a cikin wasa ɗaya kawai yake aiki. Mai 1000 a CS2 daidai yake da mai 314 a Valorant. Kuma DPI ɗin da aka rubuta a kwali ba lallai ya zama cif-cif ba, wani maus yakan ɗan haura, wani ya ɗan gaza, shi ya sa bayan sauya maus nake sake komawa ga tef. Game da wane DPI ya fi, ra'ayina 800 ko 1600 sun wadatar. DPI mai yawa tare da sensi kaɗan yana sa takun juyi ya yi ƙanana, motsi ya yi laushi, amma manyan lambobin da ake bugawa a kwali don jan mai saye ba za su ƙara maka kisa ko ɗaya ba.

Sai `Polling Rate`, wanda ake yawan haɗa shi da sauri alhali ba ya taɓa santimitarka. Shi yana faɗin sau nawa a daƙiƙa maus ke kai wa kwamfuta rahoton ƙirgen da ya tara. A 125 Hz rahoto ɗaya ne duk milisakan 8, a 500 Hz duk milisakan 2, a 1000 Hz duk milisakan 1. Jimillar ƙirgen ɗaya ce, ko a kawo ta da yawa-yawa jefi-jefi, ko kaɗan-kaɗan a kai a kai. Inda za ka ji shi a sikirin ne. Sikirin mai 60 Hz yana sabunta hoto duk milisakan 16.7, don haka ko maus mai 125 Hz yana kai rahoto kusan biyu a kowane hoto. Mai 144 Hz kuwa duk milisakan 6.9 yake sabuntawa, ya riga maus ɗin, sai wani hoton ya fito babu sabon rahoto, ka ga motsi yana tsinkewa. Ka sa 1000 Hz ka manta da shi. Akwai masu 4000 da 8000, amma suna ƙara wa kwamfuta nauyi, kuma a injin da ba shi da ƙarfi suna iya jawo sarƙewar hoto. Idan naka tsoho ne yana sarƙewa a 1000, sauka 500, ba ka yi asarar kirki ba. Maus ɗin ofis da ake samu a kasuwa galibi 125 Hz ne, kuma babbar matsalarsa idon yana ɓata hanya idan ka fizge shi da ƙarfi. Wannan babu lissafin da zai gyara shi.

A Windows, ka cire alamar `Enhance pointer precision`, a na Faransanci `Améliorer la précision du pointeur`. Yana sa nisan motsi ya danganta da saurin hannu. CS2 da Valorant suna karɓar ƙirge kai tsaye daga maus, amma ba kowane wasa ke yin haka ba, gara a kashe shi gaba ɗaya. Lokacin hunturu kuma ka riƙa hure idon maus kana goge tabarma, don ƙurar Damagaram idan ta kwanta a wurin sai saiti ya riƙa tsalle, mutum ya zaci sensi ne.

Ko bayan awo ya yi daidai, za ka iya jin ɗan bambanci, kuma ba ƙarya hannunka yake yi ba. Faɗin gani ne. Valorant yana nuna digiri 103 daga hagu zuwa dama, ba a canza shi. CS2 a sikirin 16:9 yana nuna kusan 106. Wato a Valorant abubuwa sun ɗan matso kusa, juyi iri ɗaya sai ya yi kamar ya ɗan fi sauri. Wanda yake son ƙananan gyare-gyaren saiti kusa da tsakiyar sikirin su zo ɗaya zai rage kusan kashi 6 cikin 100, 0.393 ta koma 0.370, amma juyinsa cikakke zai ƙaru zuwa santimita 44. Ba a samun duka biyun lokaci guda. Masu buga CS2 a 4:3 da aka miƙe su ne za su fi jin sauyi, don su digiri 90 suke gani, abokan gaba sun yi faɗi suna kuma wucewa da sauri. A Valorant sai su ga kamar komai ya lafa, alhali santimitar ba ta motsa ba. Bindiga mai madubi tana da nata saitin daban, `Scoped Sensitivity Multiplier` a Valorant. Bar shi a 1 tukuna.

Shawarata ka fara da lambar da lissafi ya ba ka, a misalinmu 0.393, ka yi mako guda a kai, ko ka sha kashi kada ka taɓa. Idan har lokacin kana wuce kan abokin gaba a harbin nesa, sauka zuwa 0.380 ko 0.370, ka sake ba shi mako. Ka rubuta DPI ɗinka da santimitarka a waya, don kwamfutocin ɗakin kowa na zama a kansu, kuma wanda ya tashi kafin kai da wuya ya bar maka saitinka.