Alaben Kasuwar Dole

Wasa ne mai fitowa 2 domin 'yan lakwal, wanda yara 12 za su yi magana a cikinsa, sauran 'yan aji kuma su zama 'yan talla da jama'ar gari. Kayan wasa su ne alabe na fata, tabarma, farantan talla da ganga.

'Yan wasa: Mai Labari, Mai Unguwa, Sankira, Iya Gambo, Ɗan Tauri, Mai Alkaki, Mai Kilishi, Zaliha, Mamman, Rabi, Illiya, Habsu.

FITOWA TA FARKO

(Bakin Kasuwar Dole. 'Yan talla suna zagayawa.)

MAI LABARI: Yau Alhamis ce, ranar da kasuwar Damagaram take cika, mutane sun zo daga Mirriya da ƙauyukan kewaye, ga kuma yara 5 sun taso daga lakwal za su koma gida Birni.

MAI ALKAKI: Ga alkaki mai zuma!

MAI KILISHI: Ga kilishi mai yaji!

ZALIHA: (Ta duƙa.) Ku tsaya, ga alabe a ƙasa, kuma da ganin ɗinkinsa aikin dukawan garin nan ne.

MAMMAN: Akwai jika 5 da dala 40 a ciki, har da takardar magani.

ILLIYA: Tsintuwa ai ba sata ba ce. Mu biyar ne, kowa ya ɗauki jika guda.

RABI: Wanda ya yar da takardar magani yana da majinyaci a gida, kuma watakila yanzu haka yana kuka.

HABSU: Mu kai wa Mai Unguwa, shi ne zai sa a yi cigiya.

ILLIYA: To, ku ba ni in riƙe, aljihuna ya fi zurfi.

(Yara sun yi gaba. Illiya ya tsaya baya, ya zaro dala 20, ya sayi alkaki ya cinye da sauri.)

FITOWA TA BIYU

(Ƙofar gidan Mai Unguwa. Yana zaune bisa tabarma, alaben yana gabansa.)

SANKIRA: (Yana buga ganga.) Jama'a, ku saurara! An tsinci alabe a bakin kasuwa, mai shi ya zo ya faɗi abin da ke ciki!

ƊAN TAURI: Ranka ya daɗe, nawa ne, jika 10 ce cif a cikinsa.

MAI UNGUWA: Ban da kuɗi, mene ne kuma a ciki?

ƊAN TAURI: Akwai... laya, ko kuwa zobe ne, na manta.

JAMA'A: Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya!

(Ɗan Tauri ya sulale. Iya Gambo ta shigo tana dogara sanda.)

IYA GAMBO: Allah ya ja zamaninka, akuyata na sayar, na haɗa da wani ɗan abin da na tara domin in saya wa jikana magani, abin da ya rage a alaben jika 5 ne da dala 40, tare da takardar da likita ya rubuta.

MAI UNGUWA: (Ya ƙirga sau biyu.) Iya, takarda tana nan, amma kuɗin jika 5 ne da dala 20, kuma tun da na kori wancan saboda lissafinsa bai yi daidai ba, ba zan ba ki ba sai kin kawo shaida.

IYA GAMBO: Ba ni da shaida sai Allah, ɗana. Na tsufa, amma ban taɓa neman abin wani ba.

(Ta juya za ta tafi. Mamman ya dubi Illiya. Illiya ya sunkuyar da kai, sannan ya fito tsakiya.)

ILLIYA: Kaka, ki dakata. Ranka ya daɗe, lissafinta daidai ne, ni ne na cire dala 20 na sayi alkaki lokacin da 'yan'uwana suka ba ni baya.

MAI ALKAKI: Haka aka yi, a hannuna ya saya.

MAI UNGUWA: Babu wanda ya tuhume ka, yaro. Me ya sa ka faɗa?

ILLIYA: Na ga za a kira Kaka maƙaryaciya a gaban jama'a saboda abin da ni na ci.

MAI UNGUWA: Iya, ga alabenki. Kai kuma bashi ya hau kanka, ta yaya za ka biya?

ILLIYA: Kuɗin karin kumallona dala 10 ne kullum, zan kawo na ranar Juma'a da na Litinin.

IYA GAMBO: Na karɓa, jikana, amma kada ka zauna da yunwa, ka biyo ta gidana in dama maka fura.

ZALIHA: Kaka, mu raka ki wurin sayen maganin kafin a rufe.

(Rabi ta kama hannun Iya Gambo, Illiya ya ɗaukar mata kwando, suka fita. Sankira ya bi su da ganga.)