Godiyar ƙarshen shekara ga masu bibiyar tasharmu ta gyaran waya, da abin da na ƙudura na baɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Yau ba za ku ga na kwance wayar kowa ba. Ga teburin nan na share shi, ayan ɗin narka dalma ma ban kunna ba, mitar auna wuta tana cikin jaka. Zama na yi mu ɗan yi hira kafin shekarar nan ta fita, domin akwai bashin godiya a kaina, akwai kuma bashin ban haƙuri.

Bari in fara da ban haƙurin, shi ya fi nauyi. Waɗanda suka kalli irin wannan bidiyon bara za su tuna na cika baki na ce bidiyo biyu zan riƙa sakewa duk mako. Da na cika alkawari, da yanzu sun haura 100. Jiya na shiga YouTube Studio na ƙirga, 41 na samu. A watan Yuni ma ɗif kuka ji ni, mako uku cur. Wasu suka yi ta tambaya ko lafiya. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Gajiya ce kawai, da kuma rashin lissafi tun farko. Bidiyon da kuke kallo cikin minti 12 yakan ci mini yini guda: a ɗauka, a ga hannuna ya kare abin da nake nunawa, a sake ɗauka, sannan a zauna tacewa har dare ya raba. Ni na yi alkawarin da ya fi ƙarfina, ku yafe mini.

Godiya kuma, ban san ta inda zan fara ba. A watan Satumba muka cika sharuɗɗan da YouTube ke gindayawa kafin tasha ta fara samun kason kuɗin talla, wato masu sabskiraib 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Dubun farko ba ta ba mu wuya sosai ba. Awannin nan ne suka sa na gane kurena, domin danna maɓalli daƙiƙa ɗaya ce, amma mutum ya zauna ya ƙona datarsa yana kallon yadda ake canza bakin caji har ƙarshe, wannan sai mai ƙauna. Allah ya saka muku da alheri.

Amma in kuka tambaye ni abin da ya fi tsaya mini a rai bana, ba wannan ba ne. Wani gyara ne da aka yi mini.

A watan Afrilu na saki bidiyon canza sikirin. Ya samu karɓuwa fiye da duk abin da na taɓa ɗorawa, har na fara jin kaina. Kwana huɗu da sakinsa, wani dattijo da ya ce ya fi shekara 20 yana wannan sana'a ya rubuto mini. Bai zage ni ba, bai yi mini gori ba. Cewa ya yi, "Malam, koma ka duba minti na shida. Ka zare igiyar sikirin ka mayar da sabuwa alhali batir yana jone." Na koma na duba, sai na ji gumi ya keto mini. Gaskiyarsa. Ƙa'ida ita ce da ka buɗe waya, batir ake fara cirewa daga fanel, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa, saboda ko wayar a kashe take akwai layukan da wuta ke kansu. Igiyar ta ɗan goce kaɗan wajen sakawa, sai ka ƙona hanyar hasken sikirin, ka wayi gari waya tana ƙara amma fuskarta baƙi ƙirin. Ni Allah ya rufa mini asiri tawa ba ta ƙone ba. To, yaron da ya kalle ni ya je ya gwada a wayar kwastoma fa?

Kwana biyu ina saƙa da warwara. YouTube ba ya barin ka musanya bidiyo da wani ka riƙe masu kallonsa, yankewa kaɗai za ka iya, ni kuwa aikin gaba ɗaya da batir a jone na yi shi, babu abin yankewa. In na goge kuma, awannin da ya tara sun fita daga lissafi, ga shi lokacin su nake nema ido rufe. Daga ƙarshe dai na goge, na sake ɗaukar sabo. Sabon bai kai rabin na farko kallo ba, kuma na yi imani abin ya ja mana jinkirin wata guda ko fiye. Ban yi da-na-sani ba. Baba, in kana kallon wannan, na gode, Allah ya ƙara girma. Ban faɗi sunanka ba ne don ban nemi izininka ba.

Ina kuma miƙa godiya ga ƙanena da ke riƙe mini kyamara ba ko sisi, da uwargida da ta haƙura da ƙaurin dalma a ɗaki, da masu amsa wa sababbin shiga tambayoyinsu tun kafin in farka. Akwai wata 'yar uwa da ta turo hoton wayar mahaifiyarta da ta gyara da hannunta, bakin caji ne ya cushe da datti kawai, ta share shi ya kama. Hoton yana nan na ajiye.

To, baɗi in Allah ya kai mu. Bidiyo ɗaya a mako, ranar Asabar, ba ƙari. In na samu sarari na yi gajere a tsakiyar mako, ku ɗauke shi kyauta, amma kada ku riƙe ni da shi. Kuma duk bidiyon da zan taɓa cikin waya, sai wani da ya fi ni sani ya kalla kafin ya iso gare ku. Na riga na yi magana da mutum biyu sun amince.

Babban aikin da nake so mu yi shi ne darasin mita daga tushe. Na lura yawancin tambayoyinku can suke komawa: mutum ya sayi mita amma bai san inda zai murɗa ta ba. Za mu fara da auna batir, ku ga da idonku abin da ya sa ake rubuta 3.7 ko 3.85 a jikinsa amma in ya cika ya nuna bolt 4.2 zuwa 4.4. Daga nan mu bi bolt 5 ɗin da caja ke bayarwa tun daga baki har cikin fanel, mu koyi gano inda ta tsaya. A hankali za mu tafi, wanda ya iya ya yi haƙuri da mu. Za a yi kashi guda kan batirin da ya kumbura, don na ga wani bidiyo ana huda shi da allura wai a fitar da iska. Kada wanda ya gwada, wuta yake kamawa.

Kamfanoni sun fara tuntuɓata kan talla. Zan karɓa, ba zan ɓoye muku ba, kayan aiki da kuɗi ake saye. Sai dai duk abin da ban yi aiki da shi na wata guda ba, ba za ku ji na yabe shi ba, kuma in biyana aka yi zan faɗa tun farkon bidiyo. Sannan ku kula: masu amfani da hotona suna cewa kun ci kyauta ku turo kuɗin aike, ba ni ba ne. Ban taɓa neman kuɗin kowa ta saƙo ba.

Abin da nake roƙo a wurinku, ku ci gaba da gyara mini in na kauce, ku faɗi mintin kamar yadda baban nan ya yi. Wanda na ɓata wa rai cikin shekarar nan, ko na bar tambayarsa ba amsa, ya yafe mini. Allah ya sa mu ga baɗi lafiya, ya sa albarka a sana'ar kowa.

Asabar ta farko a Janairu za mu fara darasin mita. Mai ita ya duba batirinta tun yanzu, ya tanadi tsohuwar waya wadda ba zai yi kuka ba in ta mutu. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.