Takardar Zaman Shawara Kafin Aure: Zuwa ga Aminu da Hauwa'u

Assalamu alaikum, 'ya'yana.

Zamanmu na biyu ranar Asabar ne bayan La'asar, a gidana na Ƙofar Ƙaura, kuma iyayenku sun sani. Na rubuto muku wannan ne saboda a zaman farko duk abin da na tambaya, Aminu sai ya ce "ba matsala, Hajiya," Hauwa'u kuma ta ja gyale ta sunkuyar da kai. Kunya ado ce, amma saura mako shida a ɗaura aure, kuma na lura an gama maganar akwatunan lefe da kalar labule, ba a taɓa maganar zaman kansa ba. Kowa ya karanta shi kaɗai, ya rubuta amsarsa a takarda, ku zo da ita.

Sakamakon gwajinku ya iso hannuna. Ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B babu, alhamdu lillahi. Aminu AA ne, Hauwa'u AS, don haka ba za ku haifi mai sikila ba. Sai dai kowane ciki yana iya zuwa da AA ko AS, rabi da rabi, saboda haka ku sanar da 'ya'yanku tun kafin su kai ga zance. Da ku biyun AS ne, da kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, da kuma wata takarda daban na rubuta.

To, maganar shimfiɗa. Na yi shekara 28 ina aikin ungozoma, kuma yawancin matan da suka zo mini da "ciwon kai" a watannin farko na aure, ba kan ne ke ciwo ba. Aminu, daren farko ba jarrabawa ba ne. Yarinya ta kwana uku ana hidimar biki, ta rabu da ɗakin uwarta tana kuka, ga gajiya ga tsoro. In an kwana biyu ko uku ana hira kawai, ba abin da ya lalace. Kuma ka ji wannan daga bakin wadda ta san aikin: ba kowace budurwa ce ke zubar da jini ba, halittar mata ta bambanta. Na ga auren da wannan jahilcin ya girgiza tun kafin lallen amarya ya goge.

Ke kuma Hauwa'u, biyan buƙata haƙƙinki ne kamar yadda yake nasa. A Suratul Baƙara, aya ta 187, Allah Ya ce su tufa ne gare ku, ku ma tufa ne gare su, bai ware ɗaya ba. Tambayoyina gare ku: in ɗayanku yana so, ɗayan ya gaji ko ba shi da lafiya, da wace kalma za a faɗa ba tare da an yi fushi ba? In akwai zafi, za ki iya cewa akwai? Zafin da ya ƙi wucewa na asibiti ne, ba na haƙuri ba. Kun san abin da shari'a ta hana, wato saduwa lokacin haila da ta dubura. Ban da kwanciyar kanta, zama tare da wasa a kwanakin al'ada ba laifi. Sannan kayan mata da maganin ƙarfin maza. Na san gwaggwanni sun fara haɗa gumba da tsumi. Abin ci da sha da aka san me ke ciki, ba ni da magana. Amma na matsi da ba a san haɗinsa ba yana ƙona gaba, yana jawo sanyi, kuma ƙwayoyin da samari ke saya a bakin tasha sun kai wasu gadon asibiti. Kada ɗayanku ya sha ko ya cusa wani abu a ɓoye wa ɗayan.

Haihuwa ta Allah ce, wannan ba mai musu. Amma mutane ne ke fara lissafi. Wata uku da tarewa za a fara kallon cikin Hauwa'u ana cewa "har yanzu shiru?" Ku sani likitoci ba sa kiran abin jinkiri sai an shekara ana tare ba tare da tsari ba. In an kai nan, ku biyun za ku je, ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Aminu, ina so ka rubuta da hannunka cewa za ka yarda a gwada maniyyinka. Gwajin namiji ya fi sauƙi da arha, kuma sau da yawa matsalar daga wajensa take, amma sai a bar mace tana yawon shan sassaƙe shekara biyar, a ƙarshe a yi mata kishiya, ita ma shiru. Haka in 'ya'ya mata suka jeru: ɗa namiji ko mace daga ƙwayar uba yake fitowa.

Ku faɗa wa juna yaushe kuke son cikin farko, tunda Hauwa'u tana aji uku a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. In za a jinkirta, da yardar ku biyu, kuma ma'aikaciyar lafiya ce za ta zaɓa muku hanya, ba ƙawa ba. Tsakanin haihuwa da wani cikin, shekara biyu ake so, wanda ya yi daidai da shayarwar da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. Awon ciki da haihuwa a asibiti, ban sa su cikin abin tattaunawa ba, sharaɗi ne. Abin da za ku daidaita shi ne ko za ta tafi gida wankan jego, da kwana nawa.

Sai wa zai yi me. Ci da sha da sutura da muhalli da magani suna wuyan miji, ko da matar ta fi shi samu, kuma kuɗinta nata ne sai abin da ta bayar da daɗin rai. Wannan kun sani. Abin da ban ji ba shi ne adadi. Aminu, nawa shagonka na Babbar Kasuwa ke iya fitarwa na cefane a mako, a watan da kasuwa ta yi sanyi? Faɗa mata gaskiya yanzu, ba irin lissafin zance ba. Ka ce ka yarda ta ƙarasa karatu. Madalla. Ranar da take da lacca ƙarfe takwas, wa zai dafa abin kari? In aka tura ta bautar ƙasa wata jiha fa? In ta samu aikin da akwai maza a ofis? "Na yarda" ta gaban waliyyi tana da sauƙi, shi ya sa nake so a faɗi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, a gaban shaidu. Kuma kada abokan majalisa su ce maka mijin-ta-ce don ka ɗauki tsintsiya. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita.

Hauwa'u, ke ma akwai naki. Mahaifiyarsa tana Ƙofar Marusa, shi ne babba, kuma shi ke riƙe da ƙannensa biyu. Wannan ba zai canja don kin shigo ba. Ki tambaye shi yanzu: za a riƙa kai mata abinci kullum ne, ƙannen za su zauna da ku? Ki kuma tambaye shi ra'ayinsa kan ƙarin aure, ko da amsar ba za ta yi miki daɗi ba. Wayoyinku ma ku yi magana a kai: akwai lambar sirri tsakaninku ko babu.

Abu na ƙarshe da za ku kawo: sunan mutum ɗaya daga kowane ɓangare da za a kai wa ƙara in abu ya fi ƙarfinku, wanda bakinsa ke da nauyi kuma ba ya yaɗa magana. Duka kuwa ba ya cikin abin da ake rufewa. In ya faru, a ranar za a faɗa.

Zan fara ganin Hauwa'u ita kaɗai na rabin awa, sannan Aminu da Malam a zaure, sai mu haɗu. Ku zo da biro.

Taku,
Hajiya Binta